Maruru ne ko ba maruru bane? Ƙurjin hammata da matse-matsi da yake tafiya yana dawowa

Na daɗe ina son yin rubutu akan wannan abun, tun lokacin da 'yar ƙanwar mamana ta zo min gida da daddare, ta jira sai da yara suka kwanta sannan tace min "Anti dan Allah ki duba min hammata ta, marurun nan ya sake fitowa". Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin wankin ciwo, maruru kam na ga iri iri, amma tana ɗaga hannu, shima da ƙyar ta ɗaga shi rabi, na san wannan ba maruru bane. Ƙurji biyu ne a hammatar dama, ɗaya ja ne ya yi tauri a can ciki babu baki, ɗayan kuma yana tsatsafo da ruwa, sai tabo wajen guda huɗu a gefensu, kuma ta cusa tishu ta ninke shi a wajen dan kar ya ɓata mata riga. Nace ɗayar fa? Ta ɗaga ta hagu, nan ma tabo ne. Shekararta 24 a lokacin, kuma tun tana 17 take fama.

Shekara bakwai ana ce mata maruru ne. Ta sha amfikulos har ta haddace farashinsa, an kai ta wajen wanzami an yi sakiya, an tsaga mata a asibiti sau uku, an bata jiƙe-jiƙe na sanyi da na ɗaurin jini, wata ma ta ce jifa ne. Abinda ke damunta shine ciwon da likitoci suke rubutawa a kati hidradenitis suppurativa, a taƙaice HS, kuma shekara bakwai ɗin nan ba ita kaɗai bace, binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mai wannan ciwon yakan kai kimanin shekara 7 kafin a gane ainihin abinda ke damunsa. Dan haka abinda nake so mu yi a nan shine mu ajiye su gefe da gefe, maruru da HS, saboda in ƙurji ya fito miki ko ya fito maka ku san wanne ne za a iya lallaɓawa a gida ko a ƙaramin asibiti, wanne ne kuma sai an nemi likitan fata.

Bari mu fara da maruru na gaskiya tunda kowa ya san shi. Maruru ƙwayar cuta ce ke kawo shi, bakteriya ce da ake kira sitafilokokus, tana zaune a fatar mutane da yawa da cikin hancinsu lafiya lau, sai ta samu hanya ta shiga ramin gashi guda ɗaya, ta wajen yankan reza ko susa ko ƙaiƙayin zafi, sai wajen ya kumbura ya yi ja ya yi zafi. Cikin kwana kaɗan sai ya nuna, ya yi baki fari ko ruwan ɗorawa a tsakiya, ya fashe, mugunya ta fita har da ɗan dunƙulen nan na tsakiya, daga nan sai mutum ya ji sakayau. Sati ɗaya zuwa uku an gama. Yana fitowa duk inda gashi yake, ƙeya, fuska, cinya, ɗuwawu, hammata ma yana fitowa, kuma ana ɗaukarsa, tawul ɗaya ko reza ɗaya ko soson wanka ɗaya ya isa ya zaga gida, shi yasa zaka ga yaro ya yi, ƙaninsa ya yi, uwar ma ta yi.

HS ta wata hanya daban yake farawa. Ramin gashin ne da kansa yake toshewa, abinda ya kamata ya fita sai ya taru a ciki, ramin ya kumbura har ya fashe a ƙarƙashin fata ba a waje ba, sai garkuwar jiki ta taso ma wajen da faɗa fiye da kima. Wato wutar daga cikin gida take. Bakteriya tana iya zuwa daga baya ta ƙara dagula abun amma ba ita ta fara ba, shi yasa sau da yawa in an ɗebi mugunyar an kai gwaji sai sakamako ya dawo babu wata takamaimiyar ƙwaya ko kuma ƙwayoyin da dama can suna zaune a fata. Sunan ma yana rikita mutane, dan ma'anarsa kumburin mafitar gumi, haka wani likitan Faransa mai suna Verneuil ya ɗauka lokacin da ya yi bayaninsa a wajajen 1854, daga baya aka gano ramin gashi ne tushen. Kuma dan Allah a riƙe wannan: ba a ɗaukarsa, miji baya ɗauka a wajen mata, jariri baya ɗauka a wajen uwa, ba ciwon sanyi bane, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Yarinyar nan sau uku take wanka a rana saboda tsoron wari, har dirza wajen take da soso mai kaushi, wanda hakan ma ƙara tayar dashi yake.

To ta yaya za a bambance? Babu wani gwajin jini da yake nuna HS, da ido da kuma tambaya ake gane shi, kuma abu uku likita yake haɗawa. Na farko inda yake fitowa. HS yana son inda fata ke gogar fata, hammata, matse-matsi, ƙasan nono, cikin cinyoyi, tsakanin mazaunai da kewayen dubura, ga mai teɓa har ƙasan ciki inda ya ninku, kuma yawanci yana kama ɓangare biyu, dama da hagu, ko da ba lokaci ɗaya ba. Maruru bashi da wannan tsarin, yau ƙeya gobe ƙauri. Na biyu maimaituwa, ma'aunin da ake amfani dashi shine sau biyu ko fiye cikin wata 6 a waɗannan wuraren. Maruru ma yana iya maimaituwa, musamman ga mai ciwon suga ko wanda ƙwayar ke zaune a hancinsa, amma sai kaga yana canja waje kuma kowanne ya warke tas, shi kuwa HS kamar ya yi alama ne, daidai inda ya fito bara nan zai sake fitowa ko ɗan gefensa kaɗan.

Na uku shine kamannin ƙurjin da abinda yake bari a baya, kuma a nan nake so in ɗan tsaya dan a wajena shine ya fi komai raba gardama. Ƙurjin HS a can ƙasa yake, in ka taɓa kamar gurjiya ko ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, zafinsa ya wuce girmansa, kuma sau da yawa baya yin baki, mutum zai yi ta jira ya nuna yaƙi nuna, wani ya yi sati biyu ya lafa da kansa bai fashe ba, wani kuma ya fashe ya ƙi rufewa yana ta zubar da ruwa-ruwa mai wari haɗe da jini wata da watanni. In ya daɗe sai ya haƙa hanya a ƙarƙashin fata kamar gara, daga wannan ƙurjin zuwa wancan. Da na sa safar hannu na danna na saman a hankali a hammatar yarinyar nan, mugunyar ta wani ɗan rami ta fito can ƙasa, tazarar kusan yatsa biyu. Maruru na yau da kullum baya yin haka. Sannan akwai wasu baƙaƙen ɗigo kamar na ƙurajen fuska amma biyu biyu a manne, rami ɗaya mai baki biyu, in kin gansu a hammata ko matse-matsi to alama ce mai ƙarfi. Tabon ma daban ne, na maruru ɗan zagaye ne a kwance, na HS kuwa kamar igiya yake a miƙe da tauri, yana jan fata, shine ya hana ta ɗaga hannu sosai har sai da ta daina yi ma kanta kitso da taje kai.

Akwai babban maruru mai baki da yawa wanda yake fitowa a ƙeya ko gadon baya, musamman ga dattijai masu ciwon suga, shima yana zubar da mugunya ta ramuka da yawa kuma yana zuwa da zazzaɓi, kar a rikita shi da HS, shi babban marurun sau ɗaya yake zuwa da ƙarfinsa kuma na asibiti ne a ranar.

Tambayoyin da na yi mata a daren nan su ma sun taimaka, kuma kowa zai iya yi ma kansa. Yaushe ya fara? Bayan ta balaga, haka HS yake, da wuya ya kama ƙaramin yaro, ya fi farawa daga balaga zuwa shekaru ashirin da wani abu, maruru kuwa har jarirai yana yi musu. Yana da alaƙa da al'ada? Tace kwana uku ko huɗu kafin ta gani sai ta ji wajen ya fara tsukewa yana zafi, wannan mata da yawa masu HS suna faɗinsa. Akwai wani a dangi? Ta yi shiru sannan tace babanta yana da tabo a hammata kuma yana yawan cewa maruru ya hana shi zama, to kusan mutum ɗaya cikin uku masu HS suna da ɗan uwa mai shi, gado ne ba ɗauka ba. A ƙasashen Turai da Amurka mata sun fi maza yawa, kamar uku ne da ɗaya, amma maza suna yi, kuma nasu ya fi zuwa a mazaunai da kewayen dubura, inda ake ta ce musu basir ne. Abu biyu kuma da aka tabbatar suna tafiya dashi sune shan taba da ƙiba, duk da siriri wanda bai taɓa riƙe sigari ba shima yana iya yi, ita bata shan komai amma tana da jiki.

Yanzu ga dalilin da yasa bambancewar take da amfani, maganin ba ɗaya bane. Ƙaramin maruru gashi da ruwan ɗumi ya ishe shi, tsumma mai tsafta minti 10 zuwa 15 sau uku ko huɗu a rana har ya nuna ya fashe da kansa, a wanke a rufe, ba a matsawa, musamman na fuska tsakanin hanci da leɓe, wannan matsa shi haɗari ne dan cutar tana iya bin jijiya ta shiga ciki. In babba ne ya tara mugunya a tsaga shi a asibiti, kuma tsagawar nan ita ce maganinsa, ana fitar da mugunyar ya warke shikenan. Maganin kashe ƙwayoyi na kwana 5 zuwa 7 sai in akwai zazzaɓi ko jan yana yaɗuwa ko mutum yana da suga. Wanda yake yawan yi kuma a gwada masa suga, a raba tawul da reza a gidan.

A HS tsagawa tana sauke zafi na 'yan kwanaki in ƙurjin ya cika ya yi tam, bana cewa kar a taɓa yi, amma kusan ko yaushe sai ya dawo a wajen, kuma kowace tsaga sabon tabo ce. Sau ukun da aka tsaga mata babu wanda ya tambaye ta ko wannan ne na farko, ni ma a wajen aiki na sha wanke irin wannan in rufe in ce a dawo jibi ban tambaya ba, dan layi ya yi tsawo, kuma abun yana damuna in na tuna. Amfikulos na kwana biyar ma haka, ƙurjin dama zai lafa da kansa sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki, wata mai zuwa a sake saye.

Likitocin fata suna raba HS mataki uku, tsarin da wani likita Hurley ya kawo a 1989. Mataki na ɗaya ƙurji ne ɗaya ko fiye amma babu hanyar ƙarƙashin fata babu tabo mai tauri. Na biyu ƙuraje masu dawowa da hanya da tabo amma akwai lafiyayyar fata a tsakaninsu. Na uku duk wajen ya haɗe ya zama abu ɗaya. Mafi yawan masu ciwon a na ɗaya suke kuma ba dole bane su wuce nan, ita tana na biyu a dama, na ɗaya a hagu. Abinda yasa nake matsa ma mutane su je da wuri kenan, ƙurji magani yana kwantar dashi, amma hanyar da ta riga ta haƙu magani baya rufe ta sai wuƙa.

Ga yadda nata ya tafi da muka je asibitin koyarwa ɓangaren fata. An gwada mata suga da yawan jini. An rubuta mata dokisisaikilin miligiram 100 na sati 12, ba kwana biyar ba, wata uku cur, kuma likitan ya yi mata bayani cewa ba dan kashe ƙwaya kawai ake bada shi ba, yana rage kumburin ne. Ana shansa da ruwa cikakken kofi, ba a kwanciya nan take bayan an sha dan yana ƙona maƙoshi, kuma mai ciki bata shansa, shi yasa aka fara tambayarta ko tana da aure ko tana shirin ɗaukar ciki. An haɗa mata da kilindamaisin na shafawa mai kashi 1 cikin ɗari safe da yamma, da sabulun ruwa na kulohezidin na wanke wajen. Ƙurjin nan mai tauri da ya ƙi nuna kuma aka yi masa allurar rage kumburi a cikinsa kai tsaye, cikin kwana biyu zuwa uku ya sauka. Wajen sati na shida ta kira ni tana cewa "Anti wani ya sake fitowa, maganin baya yi, zan daina", nace a'a ki ci gaba, ba a yanke hukunci sai an cika sati 12, kuma abinda ake dubawa shine sun ragu ne, zafin ya ragu ne, ba wai ko ɗaya bai fito ba. Na sa ta tana rubutawa a waya, ranar da ya fito, wane waje, kwana nawa ya yi, da ranar al'ada. Da aka koma sai ga shi daga kusan kowane wata ya koma sau ɗaya a wata ukun, shima ƙarami.

Hanyar nan ta hammatar dama ita bata daina zuba ba, sai da aka yi mata ƙaramin aiki, aka kashe wajen da allura aka bi ramin aka yaye rufinsa gaba ɗaya aka bar shi a buɗe ya cike daga ƙasa. Wannan daban yake da tsagawa, tsaga ƙofa ce kawai ake buɗewa ta sake rufewa akan ramin, yayewa kuwa ramin ne ake kawar dashi. Ni na riƙa wanke mata, ya ɗauki sati biyar kafin ya rufe.

In dokisisaikilin bai yi ba akwai mataki na gaba, kilindamaisin na sha haɗe da rifamfisin na sati 10 zuwa 12, amma wannan dan Allah kar wanda ya je kemis ya haɗa ma kansa. Rifamfisin babban maganin tarin tibi ne, a ƙasa irin tamu da tibi ke da yawa shan sa barkatai yana iya sa ƙwayar tibi ta daina jin magani, sannan yana karya ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau. Masu tsanani kuma akwai allurai na zamani kamar adalimumab da aka amince dashi dan HS a Amurka a 2015, suna aiki amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu kuma sai an tabbatar babu tibi a jiki kafin a fara. Mataki na uku yawanci sai babban aiki, a yanke fatar wajen duka. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ma mai ciwon tun farko ita ce HS ana shawo kansa ne, yana lafawa ya daɗe, mata da yawa yana yi musu sauƙi bayan sun daina al'ada, amma babu ƙwaya ɗaya da za a sha a ce an rabu dashi har abada, duk wanda ya ce miki yana da ita kuɗinki yake so.

Tunda na ambaci tibi, ba duk kumburin hammata ko matse-matsi bane ɗayan biyun nan. Kaluluwa ta tibi tana fitowa a wuya ko hammata, bata cika zafi ba, tana girma a hankali har ta fashe tana zuba, sau da yawa da rama da gumin dare. Ƙullutu mai tauri mara zafi a hammatar mace, musamman in akwai wani a nono, a je a duba nonon kar a tsaya gashi. Kumburin matse-matsi bayan ciwo a al'aura yana iya zama cutar saduwa. Rami mai zuba kusa da dubura tare da gudawa mai daɗewa da ciwon ciki na likitan hanji ne. Sannan wanda ya shekara da shekaru da HS a mazaunai, in wani waje ya zama gyambo ya ƙi warkewa ko ya yi tsiro, a yanki ɗan nama a gwada, dan kansar fata tana iya tasowa a nan duk da ba kasafai ba. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da jan da ke bazuwa kuwa ko maruru ne ko HS asibiti ne a ranar.

A gida abubuwan da ta canja ba masu yawa bane. Ta daina aske hammata da reza, almakashi take sawa ta rage gashin, kuma da aka zo bikinta na hana a yi mata halawa a hammata da matse-matsi duk da mai gyaran jikin ta so ta yi musu. Ta bar soso mai kaushi, ta bar rigar mama mai ƙarfe da matsattsen siket na roba ta koma auduga sakakke, musamman a watannin zafi da abun ya fi tashi. Tishun nan da take cusawa yana marmashewa ya manne a ciwon, na koya mata ta sa audugar mata siririya ko bandeji mai laushi. Ta rage kilo 6 a hankali cikin wata takwas. Kafin a ɗaura aure ta ce min tana tsoron abinda mijin zai ce in ya ga tabon, sai muka je tare dashi wajen likitan ya ji da kunnensa cewa ba a ɗauka kuma baya hana haihuwa. Yanzu tana da ciki wata biyar, an tsayar da dokisisaikilin tun kafin ta ɗauka, na shafawar kawai take amfani dashi da sanin likita, kuma sati biyu da suka wuce ta turo min hoton wani ƙarami da ya fito a hagu, mun gasa shi kwana huɗu ya lafa bai fashe ba. Baban nata ne har yanzu muke lallashi ya je a duba shi, yace shi nasa maruru ne.